Mayar da tsakuren kundi daga Ingilishi zuwa Italiyanci ba tare da "mu" ba

Ɗalibar Noma:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka saba da rubutun ilimi cikin Italiyanci. Na kusa miƙa kundin digirina na biyu a wata jami'a da ke arewacin Italiya, kuma da Ingilishi na rubuta shi, sai dai sashenmu yana buƙatar a haɗa da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin, cikin Italiyanci. Binciken a kan adana wake ne a buhunan da iska ba ta shiga, da tasirin horar da manoma kan amfani da su. Da na kai wa malamin da ke duba aikina fassarar farko, sai ya ja layi a ƙarƙashin kowane *abbiamo*, ya rubuta *forma impersonale* a gefen takardar, wato ba ya son a ga "mu" ko "ni" a ko'ina. Ga jimlolin Ingilishin, amma na sauya adadin manoman saboda ban kare kundin ba tukuna:

1. *It has been shown that hermetic bags reduce insect damage in stored cowpea.*
2. *In this paper we investigate whether training affects their correct use.*
3. *We interviewed 120 farmers and divided them into two groups.*
4. *We focused on the first six months of storage.*
5. *We show that losses were lower in the trained group (p < 0.05).*
6. *We argue that cost should be considered, and conclude that bags alone are not enough.*

Ga kuma fassara ta biyu, wadda na cire "mu" daga cikinta:

1. *È stato dimostrato che i sacchi ermetici riducono i danni da insetti nel fagiolo dall'occhio conservato.*
2. *Si indaga se la formazione influenza il loro uso corretto.*
3. *Si ha intervistato 120 agricoltori, che si sono divisi in due gruppi.*
4. *Si è concentrato sui primi sei mesi di conservazione.*
5. *È stato dimostrato che le perdite erano minori nel gruppo formato (p < 0.05).*
6. *Si sostiene che il costo dovrebbe essere considerato e si è giunto alla conclusione che i sacchi da soli non bastano.*

Wannan ma ya dawo mini da ita da alamar tambaya a gefen jimla ta uku, ta huɗu, ta biyar da ta shida, kuma a gefen ta biyar ya ƙara kalma biyu: *da chi?* Ina so in fahimci dalilin kowace alama kafin in koma wurinsa.

Maman Khalifa:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, idan jami'a za ki miƙa wa takardar, ina ganin bai kamata ki fassara da kanki ba. Lokacin da muka kawo takardun makarantar yarana, sai da muka nemi mai fassara ya je kotu ya yi rantsuwa a kan cewa fassarar ta yi daidai da asali, aka manna mata hatimi, sannan aka karɓa. Suna kiran wannan *traduzione asseverata*. Ki tambaya a ofishin ɗalibai tun da wuri, kada ki gama wahala a ce ba za a karɓa ba.

Ɗalibar Noma:

Na gode, Yaya. Wancan tsarin na takardun shaida ne, irin su sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa, kuma ni ma na bi ta kansa lokacin rajista. Tsakure ɓangare ne na kundin, ɗalibi ne ke rubuta shi da hannunsa, ba a kai shi kotu. Damuwata a kan salon rubutun take.

Ɗan Maraɗi:

Malama, mu da muka yi karatu da Faransanci abin bai cika ba mu wuya ba, domin *si* ɗin nan da kika sa a jimlolinki aikin *on* na Faransanci yake yi, kuma shi ne "an" ɗinmu na Hausa. Idan kika duba tsakuren maƙalun da ake rubutawa da Hausa, za ki ga "an tattara bayanai", "an yi hira da manoma", "an gano cewa", babu mai tambayar wane ne ya tattara, saboda kowa ya san mai binciken ne. Don haka hanyar da kika bi daidai ce. Abin da na hango a jimla ta uku shi ne *si ha*. A Faransanci muna cewa *on a interrogé*, amma Italiyanci ba ya haɗa wannan *si* da *avere* idan ana maganar abin da ya riga ya wuce, kullum *essere* yake ɗauka, ko da aikatau ɗin a wajen *si* da *avere* yake tafiya. Ki mayar da shi *si è intervistato 120 agricoltori*, ki bi sauran jimlolin da wannan ma'auni, ina jin malaminki zai gamsu. Sannan ki mayar da ɗigon da ke cikin 0.05 waƙafi, domin Italiyawa 0,05 suke rubutawa kamar yadda ake yi a Faransanci.

Baban Safiya:

Malam Ɗan Maraɗi ya yi gaskiya a kan *essere* da kuma waƙafi, amma gyaran da ya kawo wa jimla ta uku shi ma za a ja masa layi, kuma dalilin yana cikin kwatancen da ya yi da "an". A Hausa muna cewa "an auna buhu", muna kuma cewa "an auna buhuna", kalmar "an" ba ta motsawa ko abin da aka auna ɗaya ne ko dubu. Haka *on* yake a Faransanci. Italiyanci ya sha bamban a nan: idan suna ya biyo bayan aikatau mai *si*, to aikatau ɗin yana bin wannan sunan a adadi, kuma a shuɗaɗɗen lokaci har da jinsi. Shi ya sa ake rubuta *si analizza il campione* idan samfurin ɗaya ne, amma *si analizzano i campioni* idan suna da yawa. A abin da ya wuce kuma sai a ce *si è analizzato il campione*, *si sono analizzati i campioni*, *si sono analizzate le risposte*. Za a iya jin wanda bai daidaita ba a bakin mutane, musamman a yankin Toscana inda suke sa *si* a madadin "mu" cikin hira, amma malami ba zai bar shi ya wuce a kundi ba. Hanyar dubawa mai sauƙi ce, 'yata: duk inda kika rubuta *si*, ki sa yatsa a kan sunan da ya biyo bayan aikatau ba tare da wani harafi irin *a*, *di* ko *su* ya shiga tsakani ba, idan jam'i ne, aikatau ma ya zama jam'i.

Bisa wannan ƙa'ida, nahawu zai yarda da *si sono intervistati 120 agricoltori*. Duk da haka ba zan ba ki shawarar rubuta shi ba, kuma a nan ne nake so ki tsaya ki lura sosai. Wannan *si* ɗin shi ne kuma Italiyanci ke amfani da shi wajen nuna cewa mutum ya yi wa kansa abu, ko mutane sun yi wa juna. Idan abin da ake magana a kansa samfurin ƙasa ne ko ƙwayar wake, babu ruɗani, tunda wake ba ya auna kansa. Amma manoma mutane ne, suna iya yi wa juna tambayoyi, suna kuma iya raba kansu. Rabin jimlarki na biyu, *che si sono divisi in due gruppi*, duk Ba'italiyen da ya karanta shi abin da zai fahimta shi ne manoman sun rabu gida biyu da kansu, kowa ya shiga rukunin da ya ga dama. Ke kuwa Ingilishinki cewa ya yi ku kuka raba su. Ke kin fi ni sanin abin da wannan ke nufi a fagen bincike: idan manomi ne ya zaɓi shiga rukunin horo, mai yiwuwa dama shi ne mai himma, kuma ƙarancin asarar da aka gani a rumbunsa ba lallai horon ne ya jawo shi ba. Ɗan kwamitin da bai karanta komai ba sai tsakure zai ɗauka tsarin binciken ne ke da rauni, alhali fassara ce ta sauya shi.

Saboda haka idan mutane ne aka yi wa aikin, ki bar *si*, ki koma ginin *essere*: *Sono stati intervistati 120 agricoltori, successivamente suddivisi in due gruppi.* Wannan jimla ba ta ambaci mai aikin ba, kuma ba ta bar ƙofar a ce manoman ne suka yi wa kansu ba.

Ɗalibar Noma:

Baba, na gode ƙwarai, jimla ta uku ta fito mini sarai. Mu muka raba su ta hanyar ƙuri'a, don haka zan ƙara *in modo casuale* domin a san ba zaɓi aka yi ba. To amma jimla ta huɗu babu sunan jam'i da ya biyo bayan aikatau kai tsaye, kuma *essere* na yi amfani da shi, me ya sa ita ma ta samu alama? Haka *si è giunto* da ke ta shida, na ga ana rubuta *si è proceduto* a kundaye da yawa, kuma a kansa na gina tawa.

Baban Safiya:

A jimla ta huɗu, aikatau ɗin *concentrarsi* ne, wanda dama yana tafe da nasa *si* ɗin tun daga ƙamus. Don haka *si è concentrato* ba ta ɓoye kowa ba, ma'anarta ita ce wani namiji guda ya mai da hankali, mai karatu kuma zai waiwaya yana neman ko wane ne. Idan ana so a ɓoye mai aiki da irin wannan aikatau, sai an kawo *si* na biyu, kuma da yake harshen ba ya jera *si si*, na farkon yakan koma *ci*. Sai a samu *ci si concentra* a lokacin da ake ciki, da *ci si è concentrati* a wanda ya wuce. Ki lura da yadda ginin yake: *è* tilo ne, amma *concentrati* jam'i ne. Ba kuskuren buga rubutu ba ne, haka harshen ya tsara.

Wannan ne kuma ya kama *giunto*. Abin dubawa shi ne da me aikatau ɗin yake tafiya idan babu *si*. Ana cewa *abbiamo lavorato*, *abbiamo proceduto all'analisi*, da *avere*, saboda haka ƙarshen kalmar ba ya sauyawa: *si è lavorato*, *si è proceduto*. Amma ana cewa *siamo giunti*, *siamo arrivati*, da *essere*, saboda haka ƙarshen yana komawa jam'i: *si è giunti*, *si è arrivati*, ko da mutum ɗaya ne ya rubuta kundin. Kin ɗauki tsarin rukuni na farko kin ɗora wa aikatau na rukuni na biyu.

Ni dai a tsakure ba na son *ci si è concentrati*, duk da ingancinsa, domin yana da nauyi a baki. Akwai mafita wadda marubutan Italiya suka fi bi, kuma ke ma kin san ta daga Hausa, inda ake cewa "binciken ya mai da hankali a kan kaza". Wato a ba wa aikin kansa matsayin mai aikatawa: *L'analisi si è concentrata sui primi sei mesi di conservazione.* Babu "mu", babu *si* biyu, kuma an san abin da ake magana a kai.

Malamin Lissafi:

Ina bin bayanin Baba da sha'awa, amma ina da ja a kan tushen maganar. Ba gaskiya ba ne cewa rubutun ilimi na Italiyanci ya haramta "mu". A fagenmu na lissafi kullum muna rubuta *dimostriamo che*, *consideriamo il caso*, *otteniamo*, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki hakan a matsayin rashin ladabin rubutu ba. Marubucin Italiya Umberto Eco ma, a littafinsa na 1977 kan yadda ake rubuta kundin digiri, wanda har yau ɗalibai ke karantawa a Italiya, "ni" ce bai so ba, amma ya goyi bayan *noi*, bisa hujjar cewa marubuci yana sa ran mai karatu zai yi tarayya da shi a abin da yake faɗa. Ku dubi abin da ya faru da tsakuren Malama: fassararta ta farko mai *abbiamo* ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli. *Abbiamo intervistato 120 agricoltori e li abbiamo divisi in due gruppi* jimla ce da ba wanda zai yi wa fahimta biyu. An tilasta mata barin gini mai haske zuwa wanda ke cike da tarko, don kawai al'ada. Da ni ne, zan koma wurin malamin in nuna masa hakan cikin ladabi.

Baban Safiya:

Malam, ban musa maka ba a kan lissafi, kuma abin da ka faɗa game da Eco haka yake, sai dai a wuri guda ɗin ya nuna cewa ana iya kauce wa wakilin suna gaba ɗaya ta hanyar gine-ginen da ba su ambaci kowa ba. Al'adar ta bambanta daga fage zuwa fage, har daga malami zuwa malami a sashe ɗaya. Amma wanda zai sa hannu a kundin ya riga ya faɗi abin da yake so, kuma abin da ya nema ba baƙo ba ne a kundayen Italiya, don haka ban ga ribar da ɗaliba za ta samu ba idan ta buɗe wannan muhawara ana gab da miƙa aiki.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne cewa "mu" tana ɗauke da wani aiki, kuma idan aka cire ta dole a nemo abin da zai ɗauki aikin. Jimla ta biyar ce shaida, kuma a ganina ita ce mafi girman matsala a tsakuren nan, ta fi duk kurakuran nahawun da muka tattauna. Ku dubi Ingilishin. Jimla ta ɗaya ta ce *it has been shown*, wato wasu ne suka nuna tun kafin wannan bincike. Jimla ta biyar ta ce *we show*, wato wannan shi ne sabon abin da kundin ya kawo. Marubucin Ingilishi yana raba aikin magabata da nasa ta hanyar wannan sauyi kaɗai, ba ya buƙatar ƙarin bayani. A fassarar kuwa duka biyun sun zama *è stato dimostrato che*, kalma a kan kalma. Mai karatu zai ɗauka cewa ƙarancin asara a rukunin da aka horar ma tsohon sani ne da aka ɗauko daga littattafai, sai ya kai ƙarshen tsakuren bai ga abin da ɗalibar ta gano ba. Tambayar da malamin ya rubuta, *da chi?*, ma'anarta ke nan: wa ya nuna?

Gyaran shi ne kowace jimla ta ɗauki alamar mai ita, ba tare da wakilin suna ba. Ta ɗaya a ba wa magabata abinsu a fili: *Studi precedenti hanno dimostrato che*. Ta biyu ita ce ƙofar shiga aikin ɗalibar, kuma *si indaga* tsurarta ba ta nuna an shigo ba, musamman da yake an yar da *in this paper* a hanya. A nan ne ake sa *Il presente lavoro si propone di verificare se*, kuma *lavoro* ya fi dacewa da kundi, *articolo* ko *contributo* na mujalla ne. Da zarar an kafa wannan, jimlolin hanyar bincike da suka biyo baya za a karanta su a matsayin aikin kundin ko ba a sake faɗa ba. Ta biyar kuma a jingina ta ga sakamakon: *Dai risultati emerge che le perdite sono state inferiori*. Ki kuma sauya *gruppo formato*, 'yata, domin *formato* yana iya nufin rukunin da aka kafa, ba wanda aka horar kaɗai ba. *Il gruppo che ha ricevuto la formazione* ya fi tsawo, amma fuska ɗaya gare shi.

Ɗan Maraɗi:

Na karɓi bayanin daidaita aikatau da suna, Baba, Allah ya ƙara basira. Ina da ƙari a kan jimla ta uku da ta shida. Na lura Italiyawa suna yawan sa *venire* a madadin *essere* a irin wannan gini, kamar *vengono analizzati*, har ma da *andare*, kamar *va considerato*. Tunda *sono stati* yana maimaituwa da yawa a tsakure har ya gundiri mai karatu, me zai hana Malama ta riƙa sauyawa tsakanin ukun? Misali ta shida ta zama *il costo va considerato*, wadda ta fi *dovrebbe essere considerato* gajarta nesa ba kusa ba.

Baban Safiya:

Ukun ba sa musanya da juna yadda ka ɗauka, Malam. *Venire* yana aiki ne kawai a lokutan da aikatau ke tsayawa da kalma ɗaya: *vengono analizzati*, *venivano analizzati*, *verranno analizzati*. Ba a cewa *sono venuti intervistati*. Don haka idan tana so ta yi amfani da shi, sai ta mayar da bayanin hanyar bincike zuwa lokacin da ake ciki, kuma hira da manoma abu ne da aka yi aka gama, ya fi kyau ya zauna a *sono stati intervistati*. Inda *venire* ke da amfani shi ne wajen faɗin abin da rubutun kansa ke yi, kamar *vengono discussi i limiti dello studio*.

*Andare* kuwa ma'anarsa ta daban ce gaba ɗaya, domin wajibci yake nunawa. *Va considerato* na nufin dole a yi la'akari da shi. Shawararka ta dace da jimla ta shida tunda akwai *should* a ciki, sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne: *should* shawara ce mai ƙarfi, *va* kuma ya fi kusa da umarni. Wanda ya yi daidai da nauyin Ingilishin shi ne *andrebbe considerato*. Ita ce za ta zaɓa, gwargwadon yadda bayananta suka ƙarfafa maganar kuɗin buhun. Haɗarin shi ne a sa *andare* don ƙawata jimlar da ba ta da wajibci, a rubuta *i dati vanno analizzati* ana nufin an yi nazarin bayanai, alhali abin da aka faɗa shi ne bayanan suna jiran a yi nazarinsu.

Ɗalibar Noma:

Ga yadda tsakuren ya koma bayan na bi bayananku:

*Studi precedenti hanno dimostrato che i sacchi ermetici riducono i danni da insetti nel fagiolo dall'occhio conservato. Il presente lavoro si propone di verificare se la formazione incida sul loro corretto utilizzo. Sono stati intervistati 120 agricoltori, successivamente suddivisi in modo casuale in due gruppi. L'analisi si è concentrata sui primi sei mesi di conservazione. Dai risultati emerge che le perdite sono state inferiori nel gruppo che ha ricevuto la formazione (p < 0,05). Si sostiene che il costo andrebbe considerato e si conclude che i sacchi da soli non sono sufficienti.*

Na zaɓi *andrebbe* saboda ban auna tasirin farashi kai tsaye ba, daga bakin manoman na ji shi a lokacin hira. Na kuma sa *incida* a madadin *incide* saboda na ga haka ake yi bayan *se* a rubutun jami'a, ina fatan daidai ne. Abin da ya rage mini shi ne *si sostiene*. Idan na yi masa tambayar da malamina ya yi wa jimla ta biyar, ban tabbata yana da amsa ba.

Malamin Lissafi:

Ba shi da ita, Malama, kuma a nan ne nake ganin salon ya kai iyakarsa. *Si sostiene che* ana karanta shi sau da yawa da ma'anar "ana cewa" ko "wasu na iƙirarin cewa", har marubuci kan yi amfani da shi wajen kawo ra'ayin da yake shirin rushewa. Hira da raba rukuni ayyuka ne da kowa zai iya maimaitawa, don haka ɓoye mai yin su bai rage komai ba. Amma *we argue* matsaya ce, kuma matsaya sai da mai ita. Idan malaminki ba zai karɓi *sosteniamo* ko sau ɗaya ba, to aƙalla akwai *chi scrive*, wato "mai wannan rubutu", wanda Italiyawa ke amfani da shi idan suna so su ɗauki alhakin ra'ayi ba tare da sun ce "ni" ba: *a parere di chi scrive, il costo andrebbe considerato*.

Baban Safiya:

*Incida* daidai ne, 'yata. *Incide* ma ba kuskure ba ne, amma wanda kika zaɓa shi ya fi dacewa da rubutu irin wannan.

Game da *chi scrive*, ina amfani da shi a cikin babi, inda ake auna ra'ayoyi ana ɗaukar ɓangare, amma a tsakure mai jimla shida yana jawo ido zuwa ga marubuci fiye da yadda *abbiamo* ɗin da aka kora ya yi, kuma an fi ganinsa a fagen adabi da shari'a fiye da kimiyyar noma. Ni zan ɗaure *si* ɗin ne da wuri, yadda ba zai yawo ba: *In questa sede si sostiene che*, ko kuma a rataya jimlar a kan sakamakon da ya gabace ta: *Alla luce di tali risultati, si conclude che i sacchi da soli non sono sufficienti e che il costo andrebbe considerato.* Da an ce "bisa waɗannan sakamako", babu mai ɗauka cewa wasu can ne ke magana.

Malamin Lissafi:

Gini na biyun yana da daɗin karantawa, Baba, amma ya haɗe abu biyu da Ingilishin ya raba da gangan. Malama ta faɗa mana yanzu cewa ba ta auna farashi ba. Maganar cewa buhu shi kaɗai bai isa ba ta fito ne daga sakamakon, shi ya sa ta ce *conclude*, maganar kuɗi kuwa ra'ayinta ce, shi ya sa ta ce *argue*. Idan aka sa su duka a ƙarƙashin *alla luce di tali risultati*, an ba wa maganar kuɗi hujjar da ba ta da ita, kuma ɗan kwamiti zai iya tambayarta a wane jadawali ta nuna hakan.

Ɗalibar Noma:

Wannan tambayar ita nake gudu ranar kare kundi. Zan raba su jimla biyu: *Alla luce di tali risultati, si conclude che i sacchi da soli non sono sufficienti*, sannan maganar kuɗi ta zo ita kaɗai a bayanta. Zan rubuta ta ta hanya biyu, ɗaya da *in questa sede si ritiene inoltre che*, ɗaya da *a parere di chi scrive*, in kai wa malamina ya zaɓa. Baba, idan na ɗauki *si ritiene che*, shin *andrebbe* zai zauna yadda yake, ko dole ya koma *vada*?

Baban Safiya:

Duka biyun suna zama bayan *si ritiene che*. *Vada considerato* shi ne *va* ɗin nan mai ƙarfi, ya sauya siffa ne kawai saboda aikatau na ra'ayi da ya gabace shi, *andrebbe considerato* kuma yana nan da sassaucinsa. Tunda daga bakin manoma kika ji maganar farashin ba daga awo ba, ki bar *andrebbe*.